An karɓe mini shago da takarda mai layi uku: dole ne hukuma ta faɗi dalili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a kasuwar garinmu a nan arewacin Kamaru, shekara tara ina biyan haya. Ranar 10 ga Maris aka kawo mini takarda daga ofishin magajin gari cewa an janye izinin zamana a shagon "saboda rashin bin ƙa'idojin kasuwa da kuma kiyaye zaman lafiyar jama'a", in kwashe kayana cikin kwana 30. Babu wani bayani bayan wannan. Shin doka ta tilasta musu su gaya mini abin da na yi? Kuma wannan da suka rubuta ya isa dalili?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da suka rubuta bai isa dalili ba, kuma zan nuna maka inda ya gaza. Sai dai kafin nan akwai wani abu da ya kamata ka riƙe, domin a kansa ne mutane da yawa suke faɗuwa a kotu alhali gaskiya tana tare da su: a dokar Kamaru, rashin rubuta dalili shi kaɗai ba kullum yake rushe takardar hukuma ba. Wani lokaci yana rushe ta nan take, wani lokaci kuma sai ka haɗa shi da wata hujja.

Wajibai biyu ne a kan hukuma, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne ta kasance tana da dalili na gaskiya, wanda doka ta yarda da shi, kafin ta ɗauki mataki a kan mutum. Wannan babu wata hukuma da ta kuɓuta daga gare shi, daga minista har magajin gari, kuma alƙali yana da ikon bincikarsa a kowace ƙara. Na biyu shi ne ta rubuta wannan dalilin a jikin takardar da ta miƙa maka. Tsarinmu na shari'ar gudanarwa ya samo asali ne daga na Faransa, kuma tsohuwar ƙa'idar da muka gada ita ce hukuma ba ta da tilas ta rubuta dalili sai inda wata doka ta ce ta rubuta. Faransa ta gyara nata tun da dokar 11 ga Yuli 1979, wadda ta wajabta rubuta dalili a kan matakan da suke cutar da mutum ɗaya tilo, kamar horo, ko hana izini, ko janye wani haƙƙi da aka riga aka bayar. Waccan dokar ba ta aiki a Garwa ko Marwa. A nan sai an bi doka-doka ana dubawa.

Inda dokarmu ta yi magana, ta yi ta da ƙarfi. Dokar ma'aikatan gwamnati, mai lamba 94/199 ta 7 ga Oktoba 1994, ta ce duk horon da aka yi wa ma'aikaci dole a bayyana dalilinsa, in ba haka ba horon ba shi da inganci. Dokar haraji ma ta ce takardar da za a aiko wa ɗan kasuwa bayan bincike, ana neman ƙarin kuɗi, sai ta zo da dalili da lissafi. Alƙalai su ma an ɗaure su: dokar tsarin shari'a mai lamba 2006/015 ta ce kowane hukuncin kotu sai ya bayyana hujjarsa ta ɓangaren abin da ya faru da ta ɓangaren doka. Da a ce kai malamin makaranta ne aka rage wa matsayi da takarda mai layi uku irin taka, da amsar ta ƙare a nan.

Naka shago ne, don haka aikin farko shi ne ka ɗauko takardar da aka ba ka shagon da ita, da takardar sharuɗɗan kasuwa in an ba ka, ka karanta abin da suka ce game da janye izini. Sau da yawa a nan ake samun wajabcin: a ce ba za a karɓe shago ba sai bayan gargaɗi a rubuce mai wa'adi, ko sai bashin haya ya kai wata kaza, ko sai an bayyana laifin. Idan akwai irin wannan sharaɗin, ofishin ya ɗaure kansa da hannunsa, kuma tsallake shi aibi ne da ke rushe takardar. Ka duba kuma wanda ya sa hannu a takardar farko. Idan magajin gari ne, maganarka da hukuma ce, domin dokar filaye mai lamba 74-2 ta 6 ga Yuli 1974 ta sa kasuwanni cikin dukiyar jama'a, rikicinsu kuma yana zuwa kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, wato kotun gudanarwa. Idan kuwa wani kamfani ne ya gina shagunan ya ba ka haya da sunansa, wataƙila kotun da aka saba ce za ta saurare ka, kuma yawancin abin da zan faɗa ba zai shafe ka ba.

Zaman shago a dukiyar jama'a yana da rauni guda da ya kamata a faɗa maka ƙarara. Izini ne da za a iya janyewa, ko da shekara talatin ka yi. Idan za a rushe layin a faɗaɗa hanya, ko a sake gina kasuwar, hukuma tana iya karɓa ba tare da ka yi laifin komai ba. Amma takardarka ba ta ce haka ba. Cewa ta yi ka saɓa ƙa'ida. Da zarar ofis ya zaɓi ya ce laifi ne, ya mayar da matakin horo, horo kuma yana da nasa sharuɗɗan: sai an gaya wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi, an ba shi dama ya kare kansa, kafin a yanke. Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'idar ta yi kama da taka ƙwarai. A ranar 5 ga Mayu 1944 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta soke matakin da aka ɗauka a kan wata mata da mijinta ya rasu, Trompier-Gravier, mai rumfar sayar da jaridu a Paris. An janye mata izini bisa zargin ta nemi tatsar kuɗi daga mai tsare mata rumfar, ba tare da an ji ta bakinta ba. Hukuncin Faransa ba ya ɗaure alƙalin Kamaru, amma lauyoyinmu da alƙalanmu da shi suka yi karatu, kuma haƙƙin kare kai ƙa'ida ce da kotunanmu suka sani. To ta yaya mutum zai kare kansa daga laifin da ba a ambata ba? Ta wannan ƙofar ce rashin dalili yake shiga ƙararka ko da babu wata doka da ta ce a rubuta.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wato me ke sa dalili ya isa. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne wannan: dalili ya isa idan wanda aka rubuta wa zai iya ƙaryata shi. Ka karanta takardar ka tambayi kanka, wace takarda ko wane shaida zan kawo in nuna ba haka ba ne? Idan ka rasa abin da za ka kawo, ba don ba ka da gaskiya ba sai don ba ka san abin da ake magana a kai ba, to ba a ba ka dalili ba. "Rashin bin ƙa'idojin kasuwa" zai iya zama bashin haya, ko ba wa wani shagon haya a ɓoye, ko baza kaya a kan hanya, ko jan wuta ba bisa ƙa'ida ba, ko sayar da man fetur a layin atamfa. Kowanne daga cikinsu amsarsa daban. Na farko rasit ne ke kashe shi, na biyu shaidar maƙwabta, na uku hoto da ma'auni. Jimlar da ta dace da kowane ɗan kasuwa a layin ba ta faɗi komai game da kai ba.

Cikakken dalili yana da ƙafa uku. Ta farko ita ce doka: wane sashe na wace takarda aka dogara da shi. A saman takardun hukuma za ka ga jerin layuka da suka fara da kalmar "Vu", ana ambaton tsarin mulki, da dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2019/024 ta 24 ga Disamba 2019, da sauransu. Mutane suna ganin tsawon jerin su ɗauka an cika hujja. Wannan jerin yana nuna daga ina mai sa hannu ya samo iko ne kawai. Ambaton doka mai ɗaruruwan sassa ba tare da nuna sashen ba bai gaya maka wace ƙa'ida ka taka ba. Abin da za ka nema shi ne layukan da suka fara da "Considérant", domin a nan ake zuba dalili, kuma a takardu irin taka sau da yawa babu su sam, ko kuma layi ɗaya ne da ya maimaita kalmomin dokar.

Ƙafa ta biyu ita ce abin da ya faru, kuma a nan ne yawancin takardu suke karyewa. Ana bukatar a ce me ka yi, yaushe, a ina, wa ya gani, wace takarda ta tabbatar. Maimaita kalmomin doka ba ya maye gurbin wannan. A shari'ar Belasri ta 24 ga Yuli 1981, kotun Faransa ta soke takardar korar wani baƙo daga ƙasar saboda abin da aka rubuta kawai shi ne zamansa barazana ce ga zaman lafiyar jama'a, wato an kwafo sharaɗin dokar, ba a faɗi abin da mutumin ya aikata ba. Rabin takardarka na biyu, "kiyaye zaman lafiyar jama'a", irin wannan ne daidai. An faɗi ƙarshen lissafi, an ɓoye lissafin.

Ta uku ita ce haɗin da ke tsakanin biyun: me ya sa wannan aikin ya faɗa ƙarƙashin wannan sashen, kuma me ya sa aka zaɓi karɓe shago maimakon gargaɗi ko tara. Wannan ba ya bukatar dogon rubutu, amma idan takardar sharuɗɗa ta jera horo daga ƙarami zuwa babba, tsallakawa zuwa na ƙarshe yana bukatar kalma.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce abin da ke ran ofishin bashin haya ne, hayar kuma sefa 15,000 ce a wata. Takardar da ta cika za ta ce: sashe na 12 na sharuɗɗan kasuwa ya ba da damar janye izini idan bashi ya kai wata uku bayan gargaɗi na kwana 15, mai shago mai lamba kaza bai biya hayar Oktoba da Nuwamba da Disamba da Janairu ba, jimla sefa 60,000, an miƙa masa gargaɗi ranar 5 ga Fabrairu ya sa hannu, wa'adi ya cika ranar 20 ga Fabrairu bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba, saboda haka an janye izinin. Layi biyar ke nan, ba fiye ba, kuma sun isa. Dubi abin da suka ba ka. Ka buɗe jakar rasit, ka tarar Oktoba da Nuwamba ka biya, mai karɓar kuɗi ne bai shigar a littafi ba. Bashin ya koma wata biyu, sefa 30,000, bai kai wata ukun da sashe na 12 ya gindaya ba. Matakin ya faɗi, ba don an rubuta shi da kuskuren tsari ba, sai don abin da aka gina shi a kai ba gaskiya ba ne. Ko kuma ka duba gargaɗin ka ga sa hannun wani yaro ne da ba ya aiki a shagonka. Duk wannan binciken bai yiwuwa da takarda mai layi uku. Shi ya sa ake cewa rubuta dalili yana kare ofishin shi ma: magatakardan da aka tilasta wa rubuta watanni da adadi dole ya buɗe littafi, kuma da yawa daga cikin kurakuran nan a teburinsa za su mutu kafin su iso gare ka.

Tsawo ba shi ne ma'auni ba. Akwai takardu masu shafi uku da ba su faɗi komai ba, ana ta zagaye da muhimmancin tsafta da tsari a kasuwa, babu rana babu adadi. Akwai kuma fom da aka buga da yawa, a cike suna da lambar shago kawai. Fom ba laifi ba ne in akwai gurbin da aka cike da abin da ya shafe ka kai kaɗai. Idan ka tarar an raba wa mutum goma takarda iri ɗaya kalma da kalma, ka karɓi kwafin biyu ko uku daga maƙwabtanka, domin hujja ce mai kyau cewa ba a duba lamarin kowa daban ba.

Wata dabara da ake yawan yi ita ce jingina dalili ga wata takarda: "bisa rahoton mai kula da kasuwa na ranar kaza". Wannan yana iya wadatarwa, amma da sharaɗi: a haɗo maka rahoton, ko a kwafo abin da ya ƙunsa, kuma mai sa hannu ya nuna ya ɗauki abin da ke ciki a matsayin nasa dalilin. Rahoton da ke kulle a durowar ofis bai sanar da kai komai ba. Haka nan bayanin baki. Idan ka je ofis wani ya ja ka gefe ya ce ai saboda kaza ne, ka saurara da kyau, ka rubuta ranar da abin da ya faɗa, amma ka sani ba shi ne dalilin hukuma ba, gobe ana iya musantawa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Inda doka ta wajabta rubuta dalili, ana son ya zo tare da matakin, ba bayan an kai ƙara ba. Wasiƙar da ofis zai rubuto bayan wata biyu yana bayani ba ta gyara takardar da ta fita babu dalili. Amma inda babu wajabcin rubutawa, ofis yana iya zuwa gaban alƙali ya buɗe dalilinsa a karon farko, kuma alƙali zai saurara. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya ƙi faɗa har a can. A shari'ar Barel ta 28 ga Mayu 1954, an hana wasu mutane zama jarrabawar shiga makarantar horar da manyan ma'aikata ta Faransa, suka kawo alamun cewa saboda ra'ayinsu na siyasa ne, kotu ta nemi gwamnati ta kawo fayil, gwamnati ba ta kawo ba, sai kotu ta ɗauki zarginsu a matsayin tabbatacce ta soke matakin. Darasin da ke ciki gare ka shi ne kada ka je kotu da "ban san dalili ba" kaɗai. Ka je da alamu. Idan an riga an yi wa wani alkawarin shagon, ko matakin ya biyo bayan wata taƙaddama da ka yi da wani mai faɗa a ji, ko maƙwabtanka masu bashi fiye da naka ba a taɓa su ba, ka tattara abin da ke nuna haka da ranakunsa. Dokar kotunan gudanarwa ta ambaci amfani da iko don wata manufa daban cikin abubuwan da ke rushe mataki, tare da aibin tsari, da rashin hurumi, da saɓa doka. Tabbatar da mugun nufi yana da wuya, amma alamu masu ƙarfi tare da shirun ofis suna da nauyi.

Akwai inda ake yi wa hukuma uzuri. Idan gobara ta tashi, ko gini yana shirin ruftawa, ba a jiran a tsara dalili kafin a fitar da mutane. Wa'adin kwana 30 da suka ba ka da kansu ya nuna babu irin wannan gaggawar.

Sai kuma takardar da ta zo da dalilai biyu ko uku, ɗaya gaskiya sauran ƙarya. Kada ka ɗauka rushe ɗaya ya wadatar. Alƙali zai tambayi kansa ko ofishin zai ɗauki wannan matakin da dalilin da ya rage shi kaɗai. Don haka kowanne sai ka ba shi amsarsa, ka kuma nuna cewa wanda ya faɗi shi ne ginshiƙin.

Game da abin da za ka yi yanzu, kwanaki sun fi komai muhimmanci, kuma a nan nake roƙonka ka natsu. Dokar da ta tsara kotunan gudanarwa, mai lamba 2006/022 ta 29 ga Disamba 2006, ba ta barin ka wuce kotu kai tsaye. Sai ka fara rubuta wa wanda ya sa hannu a takardar, ko wanda doka ta ba wakilcin hukumar, kana neman ya janye matakinsa. Sashe na 17 ya ba ka wata uku daga ranar da aka miƙa maka takardar. An miƙa maka 10 ga Maris, don haka kada ka bari 10 ga Yuni ta same ka ba ka shigar ba, kuma da wa'adin kwana 30 a kanka, cikin makon nan ya kamata. A kan wasiƙar a rubuta "Recours gracieux préalable" a fili, don kada a ce takardar roƙo ce kawai. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Idan masu karɓar wasiƙu suka ƙi bugawa, ka aika ta hannun ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, domin wannan kwanan watan shi ne za a ƙirga komai daga kansa. A manyan garuruwa kamar Garwa da Marwa da Ngaundere akwai magajin babban birni akwai kuma na gundumomi, kuma ba duka kasuwanni ne ke hannu ɗaya ba. Ka tabbatar wanda ya sa hannu shi ne mai kasuwar. In ba shi ba ne, ka samu wata hujjar, ta rashin hurumi.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne su rubuta wasiƙar neman bayani kawai, "ina roƙon a sanar da ni laifina", su zauna jiran amsa. Wannan ba ta tsayar da ƙirgen wata uku. Ka haɗa biyun a wasiƙa ɗaya: ka nemi a janye matakin, ka kuma nemi a ba ka dalilan da rahoton da aka dogara da shi. Ka jera hujjojinka: ba a ambaci sashen da aka ce ka saɓa ba, ba a ambaci aiki ko rana ba, ba a yi maka gargaɗi ba, ba a ji ta bakinka ba, sannan ka haɗa kwafin rasit na aƙalla shekara guda. Idan kana son diyyar asarar da rufe shagon zai jawo, ka ambace ta a nan da adadinta, domin kotu ba ta karɓar buƙatar da ba a fara gabatar wa hukuma ba. Zuwa wurin sarkin kasuwa ko shugaban 'yan kasuwa a nemi sulhu abu ne mai kyau, kuma sau da yawa a can maganar take mutuwa, amma a yi shi tare da wasiƙar, kada ya maye gurbinta. Alkawarin baki ba ya tsayar da wa'adi.

Idan suka amsa da ƙi, kana da kwana 60 ka kai ƙara kotun gudanarwa ta yankinka; akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere. Idan suka yi shiru wata uku, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kwana 60 kuma su fara daga nan. A ce ka shigar da wasiƙarka 2 ga Afrilu: shiru ya zama ƙi 2 ga Yuli, wa'adin ƙara ya ƙare wajen 31 ga Agusta. Kada ka kai ƙarshensa. Amsar ƙi mai ɗauke da dalili ta fi maka shiru amfani, domin ta ɗaure ofishin a kan magana ɗaya da za ka iya tunkara, kuma idan daga baya suka zo kotu da wata daban, sauyin da kansa abin nunawa ne.

Wasiƙar ba ta hana a sa wa shagon kwaɗo idan kwana 30 suka cika. Abin da ke hanawa shi ne umarnin dakatarwa daga shugaban kotun gudanarwa, wanda sashe na 30 ya tanada, kuma ana iya nemansa da zarar an shigar da wasiƙar, ba sai an jira wata uku ba. Sharuɗɗansa biyu ne: aiwatar da matakin zai jawo cutar da ba ta gyaruwa, kuma matakin bai shafi zaman lafiya ko tsaro ko natsuwar jama'a ba. Ka ga ke nan kalmomin nan na ƙarshen takardarka ba ado ba ne. Ko da gangan aka sa su ko bisa sabo, suna iya toshe maka wannan hanyar. Lauyanka zai bukaci ya nuna wa alƙali cewa laƙabi ne kawai: babu faɗa, babu gobara, babu rahoton 'yan sanda, an ma ba da wata guda. Game da cutar da ba ta gyaruwa, asarar kuɗi kaɗai takan yi rauni, tunda ana iya biya. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a nuna za a miƙa shagon ga wani, kuma masu sayayya na shekara tara za su watse.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka shirya masa: idan kotu ta soke takardar saboda aibin tsari kaɗai, wato ba a ji ta bakinka ba ko ba a rubuta dalili ba, ofishin yana iya komawa ya kira ka, ya saurare ka, ya fitar da sabuwar takarda cikakkiya mai sakamako iri ɗaya. Sokewar da ke daɗewa ita ce wadda ta taɓa gindin maganar, cewa abin da aka zarge ka da shi bai faru ba, ko bai kai ga karɓe shago ba. Saboda haka tun yau ka binciki kanka kamar yadda za su bincike ka. Idan akwai wata biyu da ba ka biya ba, ka biya a baitulmalin ƙaramar hukuma ka karɓi rasit mai lamba, ba a hannun wani a bakin kasuwa ba. Idan ɗan'uwanka ne ke zama a shagon, ka tanadi abin da ke nuna yaronka ne ba ɗan haya ba, kamar takardar harajin da ke ɗauke da sunanka. Idan rumfar da ka ƙara a gaba ta shiga hanya, ka janye ta ka ɗauki hoto mai kwanan wata. Sannan ka kai wa lauya takardar asali da ambulan ɗinta da duk abin da ka sa wa hannu ranar da aka kawo ta, domin daga wannan ranar zai fara ƙirga wata ukun.